Yadda ake gane ko abu sanadi ne ko tafiya tare kawai suke yi: misalin wiwi da taɓin hankali

«Bincike ya nuna cewa shan wiwi yana haddasa taɓin hankali.» Wannan jimla tana yawan fitowa a takardun ɗalibanmu na Kumasi, masu karatun jinya da masu nazarin halayyar ɗan Adam a jami'ar KNUST da ma 'yan sakandare da aka ba aikin muhawara. Mai rubuta ta ba ƙarya yake nufi ba. Ya taso a Aboabo ko Asawase, ya san saurayin da ya fara zama a majalisar 'yan shaye-shaye, bayan shekara biyu aka gan shi yana magana shi kaɗai a bakin titi, kuma kowa a unguwa ya ce wiwi ce. Amma malamin da zai duba takardar zai ja layi a ƙarƙashin kalmar «haddasa» ya tambaya: wane bincike, kuma ta yaya ya nuna? A nan maki ke zubewa.

Abin da yawancin bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwa ke iya gani shi ne abubuwa biyu suna tafiya tare: inda aka sami ɗaya da yawa, ana samun ɗayan da yawa. A damina cinikin lema yana ƙaruwa a kasuwar Kejetia, masu zazzaɓin cizon sauro ma suna ƙaruwa a asibiti, amma ba wanda zai ce lema ce ke kawo zazzaɓi, domin kowa ya san ruwan sama ne a bayan su biyun. A harkar ƙwaƙwalwa, abin da ke bayan ba ya fitowa fili haka, sai an tono shi. Ga yadda ake tonowa, kuma zan bi misalin wiwi daga farko har ƙarshe domin an shafe shekaru ana bincike a kansa, kuma ya shafe mu kai tsaye.

Mataki na farko: matse maganar har ta zama abin da za a iya gwadawa

«Wiwi» da «taɓin hankali» kalmomi ne masu faɗi. Wane irin sha? Wanda ya taɓa zuƙa sau ɗaya a biki, ko wanda ba ya fara yini sai ya sha? Ya fara yana ɗan shekara 14 ko yana ɗan 25? Wane irin ciwo kuma? Akwai ruɗewar da ke zuwa lokacin da mutum yake cikin maye ta wuce cikin awoyi ko kwanaki, akwai kuma sikizofiriniya, ciwo mai daɗewa wanda mai shi ke jin muryoyin da babu su, yake gaskata abin da ba haka yake ba, tunaninsa ya wargaje. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, kuma hujjar da ta tabbatar da na farko ba lallai ta tabbatar da na biyu ba.

Saboda haka kafin ka buɗe kowace takarda, rubuta tambayarka haka: shin saurayin da yake shan wiwi akai-akai tun yana ƙuruciya ya fi haɗarin kamuwa da sikizofiriniya fiye da yadda zai kasance da bai sha ba? Kula da ƙarshen jimlar. Tambayar sanadi kullum tana kwatanta mutum ne da kansa, a rayuwar da bai yi ba. Tunda ba za mu iya ganin wannan rayuwar ba, sai mu nemo wasu mutane masu kama da shi su tsaya a madadinsa, kuma duk wahalar bincike tana cikin wannan kamar. Kama da wane ba wane ba ne.

Mataki na biyu: duba su wa aka ƙirga, kuma a ina aka same su

Ɗalibi ya je sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ko asibitin Pantang a Accra, ya duba bayanan samarin da aka kwantar, ya tarar da yawansu sun taɓa shan wiwi. Zai ji kamar ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Amma abu biyu sun ɓace masa. Na ɗaya, bai san yawan masu sha a cikin samarin da lafiyarsu ƙalau ba, 'yan unguwa ɗaya kuma sa'o'in juna. Idan su ma da yawansu suna sha, adadin da ya samu bai ce komai ba. Na biyu, ba kowane maras lafiya ne ke zuwa asibiti ba. A zangonninmu wanda ciwonsa ya zo da shiru da janye jiki sau da yawa a gida ake ajiye shi, ko a kai shi wajen malam a yi masa rubutu da ruƙiyya, wasu kuma dangi su kai su sansanin addu'a. Wanda ake ɗaukowa a mota a kai asibiti da gaggawa shi ne wanda ya tayar da hankalin gida, kuma mai yiwuwa ne masu shaye-shaye sun fi yawa a cikin irin waɗannan. Ƙofar asibitin da kanta ta riga ta tace mutane kafin ɗalibin ya fara ƙirga. Wani masanin ƙididdiga mai suna Joseph Berkson ya yi bayanin wannan tarko tun 1946, ya nuna cewa abubuwa biyu suna iya bayyana a haɗe a cikin majinyatan asibiti alhali a cikin jama'a ba haka suke ba.

Idan takardar da kake karantawa ta ɗauki mutanenta daga asibiti kaɗai, ka faɗi haka a rubutunka. Jimla ɗaya ta isa, kuma tana nuna wa malami cewa ka karanta sashen hanyar bincike, ba taƙaitawar sama kawai ba.

Mataki na uku: wane ne ya riga wani zuwa?

Sikizofiriniya ba ta faɗowa rana ɗaya. Kafin ta fito fili, mutum yakan yi watanni ko shekaru yana canzawa a hankali: barci ya ƙi, karatu ya ja baya, ya daina shiga mutane, ya fara zargin ana maganarsa. Saurayi a wannan hali zai iya neman abin da zai kwantar masa da rai, kuma majalisar da ba a tambayar kowa komai ita ce ta 'yan wiwi. Idan haka ta faru, ciwon ne ya kai shi ga wiwi, amma 'yan unguwa wiwin kawai suka gani, domin ita ce a fili, farkon ciwon kuwa a ɓoye yake. Binciken da aka yi a rana ɗaya, aka tambayi mutane ko suna sha kuma aka auna lafiyarsu a zama ɗaya, ba zai taɓa raba waɗannan biyun ba.

Abin da ke raba su shi ne bin mutane tun suna lafiya. Shahararren misali daga Suwidin yake. A 1969 zuwa 1970 an yi wa samarin da aka kira aikin soja tambayoyi, ciki har da ko sun taɓa shan wiwi da sau nawa. Sven Andréasson da abokan aikinsa suka bi diddigin 45,570 daga cikinsu tsawon shekara 15 ta rajistar asibitocin ƙasar, suka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1987. Waɗanda suka ce sun sha fiye da sau 50 kafin shiga soja sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 6 wajen kamuwa da sikizofiriniya. A nan an rubuta shan kafin a gano ciwon, saboda haka ba wanda zai ce tuna baya ne ya gurɓata amsar.

Duk da haka masu suka suka ce, to idan wasu samarin sun riga sun shiga farkon ciwon a ranar da aka tambaye su fa? Stanley Zammit da abokansa suka koma kan waɗannan bayanai a 2002, suka ware waɗanda ciwonsu ya bayyana bayan shekara biyar da shiga soja, wato waɗanda da wuya a ce suna cikin farkon ciwon tun a lokacin. Alaƙar ba ta gushe ba. A shekarar kuma aka buga wani binciken daga Dunedin a ƙasar Niyu Zilan, inda ake bin yara kimanin dubu ɗaya tun haihuwarsu a 1972 da 1973. Amfanin wannan shi ne an riga an tambayi yaran game da baƙin tunani da jin muryoyi tun suna 'yan shekara 11, kafin su san wiwi. Waɗanda suka fara sha zuwa shekara 15 sun ninka sauran kusan sau 4 wajen samun ciwo mai kama da sikizofiriniya a shekara 26. Da aka sa alamomin da suka nuna suna 'yan 11 a lissafi, adadin ya ragu, kuma saboda mutanen kaɗan ne, ƙarfin hujjar ya yi rauni. Ɗalibi mai gaskiya zai kawo duka biyun, hawan da saukar.

Mataki na huɗu: nemo na ukun da ke bayan su biyun

Wannan shi ne wurin da ya fi cancantar ka daɗe. Masu shan wiwi tun ƙuruciya sun bambanta da marasa sha ta fuskoki da yawa. Sun fi shan taba da giya da sauran ƙwayoyi, sun fi tasowa a cikin birni mai cunkoso, kuma sun fi fuskantar duka ko sakaci ko rabuwar iyaye tun suna yara. Kowanne daga cikin waɗannan an same shi yana da tasa alaƙar da taɓin hankali. Don ka ga yadda na uku ke ƙirƙiro alaƙar da babu ita, ga lissafi. Adadin nan na ƙaga su ne domin koyarwa, ba daga wani bincike suke ba, kada ka sa su a takardarka a matsayin hujja.

A ƙaddara samari 1,000. Daga ciki 200 sun sha wahala mai tsanani a yarinta, 800 ba su sha ba. A cikin 200 ɗin, rabi suna shan wiwi, wato 100. A cikin 800 ɗin, 100 ne kawai ke sha. A ƙaddara kuma wiwi ba ta yin komai ko kaɗan, wahalar yarinta ce kaɗai ke aiki: kashi 6 cikin ɗari na masu wahalar za su kamu, kashi 1 cikin ɗari na sauran. To masu sha su 200 ne, 100 daga kowane ɓangare, waɗanda za su kamu a cikinsu 6 da 1, wato 7, kashi 3.5 cikin ɗari. Marasa sha su 800 ne, 100 masu wahala da 700 marasa ita, waɗanda za su kamu 6 da 7, wato 13, kimanin kashi 1.6 cikin ɗari. Raba 3.5 da 1.6, za ka ga masu sha sun ninka marasa sha fiye da sau biyu, alhali mu da kanmu muka gina lissafin a kan cewa wiwi ba ta da hannu. Amma idan ka raba su gida biyu, ka kwatanta mai wahala da mai wahala, za ka ga 6 cikin 100 da 6 cikin 100, ba bambanci. Wannan rarrabawar ita ce abin da masu bincike ke nufi idan suka ce sun daidaita sakamako da wasu dalilai, sai dai su kwamfuta ke yi musu da dalilai da yawa a lokaci guda.

Yanzu ka koma kan takardar da kake karantawa, ka nemo teburin da ke da adadi biyu, na kafin daidaitawa da na bayanta. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin. A binciken Suwidin na Zammit, bayan an sa irin su kaifin basira da halayyar yarinta da wurin tasowa da shan taba a lissafi, ninki 6 da ɗoriya ya sauko zuwa kusan ninki 3. Theresa Moore da abokanta sun tattara irin waɗannan bincike a 2007, suka samu cewa wanda ya taɓa sha haɗarinsa na taɓin hankali ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin ɗari, mai sha sosai kuma ya ninka kusan sau biyu. Mutum biyu masu ilimi za su iya kallon wannan su yi saɓani. Ɗaya ya ce an cire duk abin da aka sani amma alaƙar tana nan. Ɗayan ya ce idan abin da aka auna ya cinye rabi, me zai hana abin da ba a auna ba ya cinye sauran? Kwamfuta ba ta cire abin da ba a tambaya ba, kuma abin da aka tambaya sama-sama, sama-sama take cire shi. Wahalar yarinta musamman ba kowa ke faɗin ta ga baƙo mai takarda a hannu ba.

Na ukun da ya fi wuyar kamawa shi ne gado. A 2014 Robert Power da abokan aikinsa suka nuna cewa mutanen da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu ƙara haɗarin sikizofiriniya sun fi karkata ga shan wiwi, ko da ba su da ciwon. Ma'ana wani ɓangare na alaƙar tun daga jini yake tahowa. Wannan bai wanke wiwi ba, ya dai rage mata kaso.

Akwai kuskure ɗaya da ɗalibai masu ƙwazo ke yi a nan, wato su ɗauka duk abin da aka cire alheri ne. Idan wiwi ce ta sa yaro ya bar makaranta, barin makarantar kuma ya jefa shi cikin zaman banza da kaɗaici, to barin makaranta hanya ce da wiwin ta bi, ba na uku ba ne. Idan aka cire shi a lissafi, an share sawun abin da ake nema. Hanyar ganewa ita ce ka tambayi kanka: wannan abu kafin fara sha ya kasance, ko bayansa? Wanda ya riga shi ne ake cirewa.

Mataki na biyar: nemi wurin da wani ya sa hannu ya canza abin

Hujja mafi ƙarfi ita ce a raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, a ba wasu abin a hana wasu. Ƙuri'a ba ta san mai gado ko mai wahalar yarinta ba, don haka tana raba su daidai tsakanin ɓangarorin, har da abin da ba wanda ya yi tunanin aunawa. Ba wani kwamitin ɗa'a da zai yarda a sa yara shan wiwi shekara goma don a ga wa zai kamu, kuma daidai ne. Amma an yi ƙaramin gwaji. A jami'ar Yale, Cyril D'Souza da abokansa sun yi wa mutum 22 masu lafiya allurar THC, sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, a wasu ranaku kuma aka yi musu allurar da babu komai a ciki ba tare da sun san wacce ce ba. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna THC ta jawo musu zargi da wargajewar tunani da sauran alamomi masu kama da na ciwon, na ɗan lokaci, sannan suka wuce. A nan kana da damar rubuta «haddasa» da gaba gaɗi, amma a kan ruɗewa ta ɗan lokaci kawai. Ka tuna matsewar da ka yi a matakin farko.

Sai kuma tambayar ko haɗari yana hawa idan sha ya hau. Marta Di Forti da abokan aikinta sun buga bincike a 2019 daga wurare 11 a Turai da Barazil. Masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kimanin sau 3 wajen samun taɓin hankali a karon farko, masu shan mai ƙarfi kullum, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye, kusan sau 5. Irin wannan hawa mataki-mataki yana cikin abubuwa tara da Austin Bradford Hill ya lissafa a 1965 a matsayin abin dubawa kafin a ce alaƙa sanadi ce, tare da rigaye a lokaci da ƙarfin alaƙar da maimaituwarta a wurare daban-daban. Shi kansa Hill ya ce ba sharuɗɗa ba ne da za a cika a wuce. Idan ka ambace shi, ɗauki biyu ko uku ka gwada su a kan misalinka, ya fi jera tara ɗin ba aiki.

Mataki na shida: zaɓi kalmar da ta yi daidai da nauyin hujjarka

Binciken rana ɗaya yana ba ka «yana da alaƙa da». Binciken da ya bi mutane tsawon shekaru yana ba ka «yana gabatar» ko «yana tare da ƙarin haɗari daga baya». Gwajin ƙuri'a, ko tarin hujjoji iri-iri da suka fuskanci wuri ɗaya, su ke ba ka «yana haddasa» ko «yana taimakawa wajen haddasa». Ko da Turanci za ka rubuta takardar, wannan tsanin bai canza ba. Ga yadda sakin layin zai iya kasancewa:

«Binciken da ya bi matasa tsawon shekaru a Suwidin da Niyu Zilan ya nuna cewa shan wiwi da yawa tun ƙuruciya yana gabatar sikizofiriniya, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan sha da ƙarfin abin da ake sha. Alaƙar tana raguwa sosai idan aka sa wasu dalilai a lissafi, kuma akwai hujjar cewa gado yana taka rawa a ɓangarorin biyu. Gwaji ya tabbatar da cewa THC tana jawo alamomin ciwon na ɗan lokaci. Abin da ya fi dacewa da waɗannan hujjoji shi ne wiwi tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, musamman ga mai rauni tun asali, amma yawancin masu sha ba sa kamuwa, kuma da yawa daga masu ciwon ba su taɓa sha ba.»

Jimlar ƙarshen nan ina roƙonka, ƙanena, kada ka bar ta. Ninki biyu ko uku na abin da asalinsa bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba har yanzu ƙaramin adadi ne, kuma dole mai karatu ya san haka. Akwai kuma uwar da ɗanta bai taɓa kusantar wiwi ba, amma tun ranar da ciwon ya bayyana ake kallon gidanta kamar gidan da aka kasa tarbiyya, har ta ji kunyar kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya da ta koyi cewa wiwi ɗaya ce daga cikin dalilai za ta karɓi wannan uwar daban da wadda ta haddace cewa duk mai taɓin hankali shaye-shaye ya yi. Haka kuma wannan bayani ba lasisi ba ne ga yaron da ke zaune a majalisa. Wanda ke da mai irin wannan ciwo a danginsa, ko ya taɓa jin zargi da tsoro bayan ya sha, hujjar da ake da ita ta isa ta sa ya daina.

Wasu misalai biyu da za ka bi da su ta wannan hanya

Wayar hannu da baƙin ciki mai tsanani. Ana yawan samun cewa matasan da suka fi daɗewa a kafafen sada zumunta sun fi nuna alamun damuwa. Gwada mataki na uku: yarinyar da ranta ya riga ya ɓaci, ba ta son fita, barci ya ƙi ta, me za ta yi da dare in ba riƙe waya ba? Sannan ka duba girman alaƙar. Amy Orben da Andrew Przybylski sun duba bayanan matasa fiye da 350,000 a 2019, suka samu cewa amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin matasa ta fuskar walwala ba. A ɗaya ɓangaren, a 2018 an yi gwajin ƙuri'a da ɗalibai 143 a jami'ar Pennsylvania, aka taƙaita wa wasu minti 10 a rana a kowace kafa, Facebook da Instagram da Snapchat, tsawon mako uku, sai kaɗaici da baƙin cikinsu suka ragu idan aka kwatanta da sauran. Gwajin ƙarami ne, gajere ne, kuma ɗaliban sun san ɓangaren da suke, abin da ka iya shafar amsarsu. Masana har yau suna jayayya a kan wannan batu, kuma takardar da ta nuna jayayyar ta fi wadda ta yanke hukunci.

Talauci da lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Wannan misali yana nuna abin da ake yi idan ƙuri'a ba ta yiwuwa amma rayuwa ta yi wani abu mai kama da ita. Tun 1939 Faris da Dunham suka ga cewa masu sikizofiriniya sun fi yawa a unguwannin talakawa na tsakiyar Chicago, aka kuma daɗe ana gardama: talaucin ne ke kawo ciwon, ko ciwon ne ke hana mutum aiki har ya gangaro unguwar talakawa? Jane Costello da abokan aikinta suna cikin bin yara 1,420 a yankin karkara na jihar North Carolina a Amurka, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙabilar Cherokee, sai aka buɗe gidan caca a ƙasar ƙabilar wajen 1996, aka fara raba wa kowane ɗan ƙabilar kaso daga ribar. Kuɗin bai zo don iyaye sun fi ƙwazo ko sun fi lafiya ba, kowa ya samu. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna yaran da iyalansu suka fita daga talauci, matsalolinsu na ɗabi'a, irin su taurin kai da faɗa da karya doka, sun sauko zuwa matakin yaran da ba su taɓa talauci ba. Alamomin fargaba da baƙin ciki kuwa ba su canza ba. Idan za ka yi amfani da wannan, ka faɗi iyakarsa: yara ne, a karkarar Amurka, kuma ciwon da aka auna ba sikizofiriniya ba ce, don haka bai warware gardamar Chicago ba. Kafin ka ɗora shi a kan yaran Sabon Zango, sai ka kawo dalilin da ya sa kake ganin abin da ya yi aiki a can zai yi aiki a nan.